Littafin sirrin Wanja

Gajeren labarin Memories We Lost, na marubuci Lidudumalingani, ba shi ne kaɗai ya taɓo azabar yara ba. Akwai salon labarai da ke bin ɗalibar makarantar kwana wadda manyan ɗalibai ke cin zalinta. Yarinyar takan ɓoye ɗan littafi a ƙarƙashin katifa, tana rubuta rana, wuri, da abin da aka yi mata: ƙwace sabulu, wankin dole, durƙuso cikin dare. Rubutun yana hana a ƙaryata ta, domin tsoro kan rikita tunani. Labarin yakan kai ƙololuwa ranar da aka taɓa ƙaramar ɗaliba, sai ta miƙa littafin ga uwar ɗakin kwana.