Yadda Ake Sa Na'urar Zane Ta Nuna Sama a Jikin Benen Gilashi

Ɗalibin da ya taso a Ikara ko Maƙarfi ko Kudan, inda gini mai hawa biyu ma abin nunawa ne, idan Allah ya kai shi sashen zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ba zai daɗe ba za a nemi ya kawo surar dogon benen ofisoshi mai bangon gilashi, irin hedikwatar Babban Bankin Nijeriya da ke Abuja. Tun shekarar 2022, da manhajojin Midjourney da Stable Diffusion suka shiga hannun jama'a, ana iya samun wannan sura ta hanyar rubuta umarni kawai, sai dai galibin abin da ke fitowa, ko da ya ƙayatar da ido, ƙarya ce a wajen masanin haske, domin na'urar ba ta lissafa tafiyar haske, kwaikwayon hotunan da aka horar da ita da su take yi.

Ƙa'idar da ake bukata tsohuwa ce, Ibnul Haisam ya yi bayaninta a Kitabul Manazir tun ƙarni na 11: haske yana barin madubi a kan kusurwa daidai da wadda ya sauka. Saboda haka mai tsayuwa a ƙasa yana ɗaga kai, abin da zai gani a manyan hawa na sama sararin samaniya ne kaɗai, gine-ginen maƙwabta kuwa ba za su bayyana ba sai a hawan ƙasa.

Mu ƙaddara bene ne mai tsawon mita 80, mai ɗaukar hoto yana nesa da shi mita 40, ya jingina da wani gida mai tsawon mita 20. Surar gidan nan tana can bayan gilashin da nisan mita 40, wato mita 80 ke nan daga ido, alhali gilashin yana rabin hanya, don haka ƙolin gidan zai bayyana a wajen mita 10 daga ƙasa, kimanin hawa uku. Daga nan har ƙarshen benen sama ce zalla. Duk hoton da ya nuna gidan yana leƙowa a hawa na goma sha biyar, to, na'ura ta zuƙa, kuma malamin da ya san aikinsa zai gane nan take. Wannan lissafi ne ya kamata ya shiga cikin umarnin, wanda yawanci da Turanci ake rubutawa:

```
20-storey office tower, glass curtain wall, street-level view looking up,
low buildings reflected in the lowest three floors only, upper floors
reflect pale dusty harmattan sky, reflection slightly offset pane to pane
```

Jimlar ƙarshe ta fi kama da ƙaramin abu, amma a ganina ita ce ke raba gwani da ɗan koyo. Bangon gilashi ɗaruruwan fallaye ne da aka jera cikin firam, kowanne da ɗan karkatarsa, ga shi mai ruɓi biyu yakan kumbura ko ya lotsa gwargwadon zafi da matsin iska, shi ya sa gefen gini ko gajimare yakan karye kaɗan a kowace mahaɗa, kamar surar bishiya a kududdufin da iska ta taɓa. In ba a faɗa ba, sai na'ura ta shimfiɗa sura guda sumul tun daga ƙasa har sama.

Haka nan gilashi marar shafi, idan aka fuskance shi kai tsaye, abin da yake mayarwa na haske bai wuce kashi 8 cikin ɗari ba, amma gwargwadon yadda aka kalle shi a karkace gwargwadon yadda yake zama madubi. Ke nan a hawan ƙasa ya dace a ɗan hango labule da fitilun ciki, sama kuwa ta rinjaya a can ƙoli. Da magariba, idan an kunna fitilun ofis, al'amarin yakan juye, ciki ya bayyana, surar waje ta dusashe.

Sai batun samaniyar kanta. Na'urorin nan sun fi sabawa da shuɗiyar sama garau, alhali a watan Janairu ƙurar hunturu takan mayar da samanmu fari-fari, a watan Agusta kuma hadari ne. Wajibi ne a ambaci lokacin, sannan a duba ko saman da ke cikin gilashi ta yi jituwa da wadda ke bayan benen a launi da yanayi, kuma ko rubutun allon da ya bayyana a ciki ya juya baibai.

Inda umarni ya gaza, kuma sau da yawa yakan gaza wajen kiyaye adadin hawa, sai a gina benen da maƙwabtansa a Blender, wanda ke bin sawun haske da lissafi, a fitar da hoto, a miƙa wa Stable Diffusion tare da rage `denoising strength` zuwa wajen 0.3, domin ta ƙara ƙura da launi ba tare da ta gusar da surar daga inda lissafi ya ajiye ta ba.