Fitila uku sun isa ɗaukar fitowar dare a ɗaki

Matasa masu ɗaukar gajerun finafinai da waya a Funtuwa da Malumfashi sukan kashe wuta don nuna dare, sai hoton ya fito dishi-dishi, domin wayar na ƙoƙarin haskaka duhun da kanta.

A ce manomi ne ke ƙirga kuɗin auduga a ɗakinsa. Fitilar ƙwai ake gani gabansa, amma mai haska fuskarsa fitilar caji ce, ɓoye a gefe guda da ta ƙwan, taku biyu daga gare shi. Ana tare ta da ƙyalle ruwan ɗorawa, in ba haka ba farin haskenta zai tona asiri. Ta uku tana waje cikin shuɗiyar leda, haskenta na shigowa ta taga kamar farin wata.

Sai a danne fuskar a allon wayar har hasken ya kulle, sannan a rage shi kaɗan.