Koriya Biyu, Tsawo Biyu: Abin da Ƙuruciya ke Rubutawa a Ƙashi

Kafin 1945 Koriya ƙasa ɗaya ce, jini ɗaya, harshe ɗaya. Da aka raba ta Arewa da Kudu, kowace ta kama gabanta. Kudu ta bunƙasa, nama da ƙwai da madara suka wadata, ruwan famfo da rigakafi suka shiga ko'ina. Arewa kuwa ta faɗa ƙunci, har ta sha mummunar yunwa a tsakiyar shekarun 1990. Yau idan aka auna waɗanda suka tsero daga Arewa, ana samun takwarorinsu na Kudu sun ɗara su da santimita 3 zuwa 8. Ba a canza wa kowa kakanni ba. Abin da aka ci a ƙuruciya da cututtukan da aka sha ne suka bambanta.

Ba wai gado ba ya aiki ba. A cikin al'umma ɗaya da kowa ke ƙoshi, galibin bambancin dogo da gajere daga iyaye yake, kuma tsawon Dinka na Sudan ta Kudu ko gajartar Mbuti na dazukan Kwango ba zancen tukunya ba ne kaɗai. Amma gado iyaka yake shatawa, bai yi alkawarin za a kai gare ta ba. Dawa iri ɗaya ce, wadda ta samu taki da ruwa daban, wadda fari ya kama daban.

A bakin dogayen ƙasusuwan yaro akwai guringuntsi, daga nan ƙashi ke miƙewa. Wani sinadari da hanta ke fitarwa, mai suna IGF-1, shi ke zaburar da wannan guringuntsi, kuma yana raguwa idan abinci mai gina jiki ya yi ƙaranci. Jiki ba wawa ba ne: idan guzuri bai isa ba, sai ya tanada wa ƙwaƙwalwa da zuciya, ya jingine tsawo. Bayan balaga guringuntsin ya zama ƙashi, daga nan ko buhun ƙwai mutum ya ci ba zai ƙara ko ɗan yatsa ba.

Mafi yawan asarar tun da wuri ake yin ta, daga ɗaukar ciki zuwa cika shekara 2, wato kwana 1,000 na farko. Jariri kan ƙaru da kimanin santimita 25 a shekararsa ta fari, kuma yana cika shekara 2 ya riga ya kai kusan rabin tsawon da zai yi. A daidai wannan lokaci ne ake haɗa masa nono da koko tsararo, wanda ke cika ciki amma ba ya ɗauke da furotin da zinki yadda ake bukata. Sannan ga rarrafe a ƙasa, ga ruwa marar tsabta. Kowace gudawa, kowane zazzaɓi ko ƙyanda na dakatar da girma na ɗan lokaci, domin ƙarfin ya tafi wajen yaƙar cuta. Ƙazanta kuma na lalata bangon hanji sannu a hankali, har abincin ya riƙa wucewa jiki bai tsotse shi sosai ba. A ganina wannan ne aka fi mantawa da shi: masai mai kyau da ruwa mai tsabta suna da hannu a tsawon al'umma, ba kwanon abinci kaɗai ba.

Abin kuma yana bin zuriya. Yarinyar da ta tsumbure takan zama gajeruwar uwa mai haifar ƙaramin jariri, shi ya sa gyaran kan ɗauki tsatso biyu ko uku. Mazan Holan a tsakiyar ƙarni na 19 ba su wuce kimanin santimita 165 ba, yau sun kai wajen 183. Matan Koriya ta Kudu da aka haifa a 1996 sun ɗara na 1896 da kusan santimita 20.

To, yaya ake gane tsumburewa ce, ba gajartar gado ba? Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi girman yara a Ghana, Indiya, Oman, Norway, Brazil da Amurka, duk 'ya'yan da suka sha nono sosai suka tashi cikin kulawa, ta iske har zuwa shekara 5 kusan girma ɗaya suke yi. Daga nan ta fitar da ma'auninta a 2006, inda ake gwada tsawon yaro da shekarunsa. Ido kan ruɗi mutum a nan, don tsumburarren yaro na iya zama da kumatunsa, sai dai ɗan shekara 4 ya yi kama da ɗan shekara 2 da rabi. Da wannan ma'auni ne binciken lafiya na Najeriya na 2018 ya gano kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa abin ya haura rabi.