Kundi Ɗaya, Hannu Biyar: Yadda Ake Daidaita Harshen Ƙa'idojin Aiki

Da wuya ka ga kundin ƙa'idojin aiki da mutum ɗaya ya rubuta daga farko har ƙarshe. A asibiti ko makaranta ko ƙungiya, abin da aka saba shi ne a rarraba babi-babi: akanta ya rubuta na kuɗi, mai kula da ma'aikata ya rubuta na hutu da ƙarin girma, lauya ya rubuta na ladabtarwa. Kowa ya san fagensa, amma kowa da irin bakinsa. Lauya yana magana kamar a gaban alƙali, mai kula da ma'aikata yana lallashi, akanta kuwa jero umarni yake yi ba gaisuwa. Idan aka haɗa takardun aka ɗinke, sai a miƙa wa mutum ɗaya a ce ya "gyara harshen".

Wanda aka ɗora wa wannan nauyi zai tarar da saɓani iri biyu, kuma duk aikin ya rataya ne a kan rarrabe su. Akwai saɓanin salo, wanda shi ke da ikon gyarawa. Akwai kuma saɓanin hukunci da ya ɓuya cikin salo, wanda ba huruminsa ba ne ya yanke.

Mu ɗauki misalin kundin wani asibiti, a kan batun neman hutun shekara. Babi na uku ya ce: "Ya kamata ma'aikaci ya sanar da shugaban sashensa mako biyu kafin tafiya hutu." Babi na biyar, na akanta, ya ce: "Ba za a biya kuɗin hutu ba sai jami'i ya miƙa takarda ga mai kula da shi kwana 10 kafin ranar." Babi na takwas, na lauya, ya ce: "Duk wanda bai ba da sanarwar kwana 14 ba ya saɓa doka."

Mai gyara zai fara da tambayar sunaye. Ma'aikaci da jami'i mutum ɗaya ne? Idan ɗaya ne, a zaɓi kalma guda a bi ta har ƙarshen kundin. Idan kuwa akanta yana nufin manyan ma'aikata kaɗai ne ke samun kuɗin hutu, to goge kalmar "jami'i" zai ba leburori da masu gadi haƙƙin da hukumar asibitin ba ta amince da shi ba. Haka shugaban sashe da "mai kula da shi": ga nas da ke aikin dare, mai kula da ita na iya zama babbar nas ta ɗakin, shugaban sashe kuma wani likita ne dabam. A makaranta an koya mana cewa maimaita kalma rauni ne a rubutu, shi ya sa marubuta ke sauya suna don ƙawata jimla. A kundin ƙa'ida wannan ɗabi'a illa ce, domin mai karatu zai ɗauka sabon suna sabon abu ne.

Sai lissafin kwanaki. Mako biyu da kwana 14 abu ɗaya ne. Kwana 10 kuma zai iya zama daidai da su idan kwanakin aiki akanta yake nufi, Litinin zuwa Juma'a sau biyu. Amma asibiti ba ya rufewa ranar Asabar da Lahadi, don haka ba a ɗauka haka kawai, sai an tambaye shi. Bambancin ba ƙarami ba ne; dokar ƙwadago ta Najeriya ma, da ta ƙayyade mafi ƙarancin hutun shekara bayan wata 12 ana aiki, kwanakin aiki shida ta ce, ba kwana shida kurum ba.

Wuri mafi hatsari shi ne ƙarfin umarni. Babi na uku ya ce "ya kamata", wato shawara. Babi na takwas ya mai da abin laifi mai hukunci. Ma'aikacin da aka ba takardar gargaɗi zai buɗe babi na uku ya ce shi shawara aka ba shi, kuma yana da gaskiya. Maganin wannan shi ne a tsayar da matakai uku tun a shafin farko: "dole" ga abin da barinsa ke jawo hukunci, "ya kamata" ga abin da ake so amma ana karɓar uzuri, "yana iya" ga abin da aka bar wa mutum zaɓi. Injiniyoyin intanet sun yi haka tun 1997 a wata gajeriyar takarda mai suna RFC 2119, wadda Scott Bradner ya rubuta, kuma har yau takardunsu na ƙa'ida suna jingina da ita. Da zarar an tsayar da ukun, sai a kori sauran: "wajibi ne", "ana buƙatar", "tilas", "ana sa ran". Sai dai kowace jimla da za a sauya, marubucinta ne zai faɗi matakin da yake nufi.

Ko ƙwararru sun taɓa tuntuɓe a nan. A 2007 aka sake fasalin harshen ƙa'idojin shari'ar farar hula na kotunan tarayyar Amurka, bisa alƙawarin cewa salo kawai za a taɓa. A ƙa'ida ta 56, wadda ta shafi yanke hukunci ba tare da cikakken zaman shari'a ba, aka cire tsohuwar kalmar umarni aka sa mai ma'anar "ya kamata". Lauyoyi suka yi ta muhawara ko yanzu alƙali ya samu zaɓin da ba shi da shi a da. A 2010 aka mayar da tsohuwar kalmar wurinta.

Daidaita murya ya fi sauƙi, amma Hausa tana da nata tarko. Idan kundi ya ce "ka miƙa takarda", ya bar mata a waje. Wasu sai su gudu zuwa "a miƙa takarda", wanda ke da ladabi amma yana ɓoye mai aikin: wa zai miƙa, wa zai karɓa? A ganina gara a ambaci mai aikin a kowace jimla, "dole ma'aikaci ya miƙa", sannan a bayyana a farkon kundin cewa kalmar ta haɗa mace da namiji. Ban kuma yarda a tilasta wa kowane babi zafi ɗaya ba. Babin rasuwa da rashin lafiya yana iya buɗewa da lafazi mai taushi, babin sata ba ya buƙatar haka. Abin da ba ya canzawa shi ne ginin jimlar umarni da sunayen abubuwa.

A aikace, mai gyara yakan karanta kundin duka sau ɗaya ba tare da ya taɓa komai ba. A karatu na biyu ya buɗe jadawali mai gida huɗu: kalmar da aka zaɓa, ma'anarta, kalmomin da aka daina, da babin da suka fito. Binciken kwamfuta yana taimakawa, amma a kula, wanda ya rubuta "ƙa'ida" da wanda ya rubuta "ka'ida" ba lallai su fito a bincike ɗaya ba, sai an nemi kowanne. Tambayoyin hukunci kuma ya tara su a takarda dabam, ya kai zaman da marubutan da shugaban da ke da ikon yankewa za su halarta.

A misalinmu, idan zaman ya amince, ƙa'idar za ta zauna a babi na uku kaɗai: "Dole ma'aikaci ya miƙa takardar neman hutu ga shugaban sashensa aƙalla kwana 14 kafin ranar farawa, har da Asabar da Lahadi." Babi na biyar da na takwas su daina maimaita adadin, su ce "kamar yadda babi na uku ya tanada". Ranar da aka sauya wa'adin, wuri ɗaya za a gyara. Kafin a kai kundin ɗab'i, a ba sabon ma'aikaci da tsohon ma'aikaci tambaya guda, misali "ina son fara hutu ranar 20 ga wata, yaushe zan miƙa takarda, kuma ga wa?" Idan amsoshinsu suka bambanta, a nemi kowannensu ya nuna jimlar da ya dogara da ita, a koma kanta.