Ribar Buhu Daban, Ribar Shago Daban

Akwai lissafin da kusan duk sabon ɗan kasuwa yake yi tun kafin ya kama shago. Ya tambayi farashin sari, ya tambayi yadda ake sayarwa a unguwa, ya cire wannan daga wancan, abin da ya rage ya kira shi ribarsa. Lissafin yana da amfani, amma rabin aiki ne, kuma da wannan rabin mutane da yawa suke cinye jarinsu alhali kullum suna ganin ciniki na gudana.

Mu ƙaddara wani matashi ne ya buɗe ƙaramin shagon hatsi a cikin Kano, yana saro wake daga kasuwar Dawanau yana aunarwa. Farashi yana hawa yana sauka, don haka adadin da za mu yi aiki da shi misali ne kawai. A ce buhu mai tiya 40 ya saro shi naira 80,000, yana sayar da tiya naira 2,400. A bakinsa buhu zai ba shi naira 96,000, ke nan ribar naira 16,000. Idan yana sayar da buhu goma a wata, sai ya sa a ransa yana samun naira 160,000.

Gyaran farko yana nan tun a Dawanau. Buhun bai tashi da kansa ya zo shago ba: an biya ɗan dako ya ɗora, an biya kuɗin mota, an biya wanda ya sauke. A ce duka naira 2,000 ne a kan kowane buhu. Wannan kuɗi yana cikin uwar kuɗin kaya, domin da ba a saro buhun ba da ba a kashe shi ba. Buhu ya tsaya masa naira 82,000 ke nan.

Gyara na biyu yana wajen awo. Duk wanda ya taɓa aunar da hatsi ya san buhu mai tiya 40 ba kasafai yake ba da 40 cif a hannun mai sayarwa ba. Akwai tozon da ake yi wa kwano, akwai ɗan gyaran da ake ƙara wa mai saye, akwai wanda ya zube da wanda ƙwari suka ɓata. A ce tiya 39 ce ta zama kuɗi. Buhu ya kawo naira 93,600, buhu goma naira 936,000. Idan aka cire uwar kuɗi, naira 820,000, saura naira 116,000. Wannan ita ce ɗanyar riba: cinikin da aka yi, ban da kuɗin da kayan da aka sayar suka ci har suka iso shago.

Ana auna ɗanyar riba ne da ciniki, domin a san nawa ke saura a cikin kowace naira ɗari da mai saye ya miƙo. A nan, idan aka raba 116,000 da 936,000, za a sami kashi 12 cikin ɗari da ɗan ɗoriya. Matashin namu kuwa yana gaya wa abokansa yana cin kashi 20, saboda ya raba 16,000 da 80,000. Abin da ya lissafa ƙarin da ya ɗora a kan farashin sari ne, kuma wannan adadi kullum ya fi wanda ake aunawa da ciniki girma. Wanda ya sayi abu naira 100 ya sayar 125 ya ɗora kashi 25, amma a cikin kuɗin da suka shigo hannunsa kashi 20 ne kawai riba.

To, naira 116,000 ɗin nan ma ba tasa ba ce tukuna, shago yana da haƙƙi a cikinta. Ya biya hayar shekara naira 180,000 a dunƙule, kuma da yake ya daɗe da biya sai ya manta da ita, alhali duk wata tana cin naira 15,000. Yaron shago yana karɓar 20,000. Leda ta ci 6,000, kuɗin wuta da na mai gadi 4,000, harajin ƙaramar hukuma 2,000, katin waya da cajin karɓar kuɗi ta banki 3,000. Sannan ga bashin naira 10,000 da wani maƙwabci ya ci, wanda kowa ya san ba zai dawo ba. Jimilla naira 60,000. Abin da ya rage, naira 56,000, shi ne tsantsar riba, wato kusan naira shida a cikin kowace ɗari ta ciniki.

A nan ne ɓarnar take faruwa, kuma ita ce ta fi damuna. Mutumin da ya yi imani yana samun 160,000 ba zai ji komai ba idan yana zarar naira 3,000 kullum daga aljihun shago don cefane. A wata 90,000 ke nan, riba kuwa 56,000 ce. Ragowar 34,000 daga jari ta fita. Ba zai gane ba a watan farko, domin kuɗi na shiga suna fita. Ranar da zai gane ita ce ranar da ya je sari ya ga kuɗin buhu tara ne a hannunsa maimakon goma, sai ya ɗora laifin a kan yaron shago ko ya ce kasuwa ce ta mutu.

Sanin adadin biyu daban-daban yana nuna inda ciwon yake. Idan ɗanyar riba ce ta yi ƙasa, matsalar tana wajen sari, ko farashin sayarwa, ko awo. Idan ɗanyar riba tana nan yadda take amma tsantsar riba ta ragu, to hidimar shago ce ta yi nauyi, ko kuma kayan da ake sayarwa sun yi kaɗan. Haya da albashin yaro da wuta da haraji, naira 41,000, ba ruwansu da yawan ciniki, ko buhu ɗaya aka sayar sai an biya su. Tunda kowane buhu yana barin naira 11,600, buhu huɗun farko na kowane wata shago ake yi wa aiki. Daga na biyar ne mai shago ya fara samun nasa.

Haka kuma ragi. Sabon ɗan kasuwa yakan so ya jawo masu saye, sai ya ce bari ya rage naira 100 kacal a tiya. A kan 2,400 ba ta kai a kula ba. Amma tiya 390 yake sayarwa a wata, ragin ya zama naira 39,000, kuma kaf ɗinsa daga tsantsar riba zai fita, domin mai shago ba zai rage haya ba, ɗan dako ma haka. Ribar 56,000 ta koma 17,000. Sai ciniki ya ƙaru da rabi kafin ya matso kusa da inda yake a da.

Wani abin lura shi ne hawan farashi. A shekarar 2024 hauhawar farashin kaya a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, kuma a irin wannan lokaci ribar takarda tana iya ƙarewa wajen mayar da kaya. Idan buhu ya koma 85,000 kafin sari na gaba, matashin yana buƙatar ƙarin naira 50,000 don ya sake cika shagonsa da buhu goma, saura 6,000 ke nan a cikin ribarsa.

Idan kana shirin buɗe shago, ko ka riga ka buɗe, nemi littafi ka raba shafi gida uku: ciniki, kuɗin kaya har zuwa ƙofar shago, da hidimar shago. Raba hayar shekara gida 12 ka riƙa rubuta ta duk wata. Yanka wa kanka albashi sananne wanda bai wuce tsantsar riba ba, kuma ko tiya ɗaya ka ɗiba ka kai gida, ka rubuta ta da farashinta a ranar da ka ɗiba.