Turke a Ƙasan Teku, Kebul Zuwa Gari: Yadda Ake Kafa Injinan Iska a Cikin Ruwa

Kilomita 120 daga gaɓar Yorkshire ta Ingila, a cikin Tekun Arewa, akwai injinan iska 174 a tsaye. Sunan tashar Hornsea One, kamfanin Ørsted na ƙasar Denmark ne ya gina ta, kuma idan iska ta kaɗa sosai tana ba da wuta megawat 1,200 da 'yan kai. Mai kallon hoto farfela yake gani, kowane reshe nata mita 75. Amma injiniyoyin da suka yi aikin sun fi shan wahala a kan abin da ruwa ya rufe, wato gindin da ke riƙe da injin da kebul ɗin da ke kai wutar gari.

Abin da ke barazana ga injin iska a teku ba nauyinsa ba ne, turi ne. Iska na tura farfela a can sama, igiyar ruwa na dukan gindi, dare da rana har shekara ashirin da biyar ko fiye. Duk wannan ƙarfi so yake ya kwantar da injin. A inda zurfin ruwa bai wuce mita 30 zuwa 40 ba, kamar Hornsea, maganin da aka fi amfani da shi shi ne turke, irin dai wanda makiyayi ke kafawa, sai dai wannan bututun ƙarfe ne mai faɗin kusan mita takwas, tsawonsa ya haura mita 60, nauyinsa ɗaruruwan tan. Ba a zuba masa kankare a gindi. Ƙasar da ta rungume shi ta gefe ce ke hana shi karkata.

Kafin a kafa shi sai an huda ƙasan tekun an ga yashi ne, laka ce ko dutse, a kuma nemi bama-baman da yaƙin duniya ya bari, domin har yau ana tsintarsu a Tekun Arewa. Daga nan jirgi mai ƙugiyar ɗaga kaya ya tsayar da bututun, wata babbar guduma ta riƙa dukansa sau dubbai har ya nutse mita ashirin, talatin ko fiye. Ƙarar tana cutar da jin dabbobin ruwa, shi ya sa a wasu wuraren, musamman ruwan Jamus, ake kewaye wurin da tiyo mai fitar da kumfar iska don rage ta.

A kan turken ake ɗora wani sashe mai launin ruwan ɗorawa, mai tsani da wurin tsayawar jirgin ma'aikata, sannan hasumiyar injin. A farkon wannan sana'a da wani siminti mai ƙarfi ake haɗa sassan biyu. Wajen 2009 da 2010 aka gano cewa a tashoshi da dama simintin ya saki, sashen sama ya zame ƙasa kaɗan. Tun daga nan aka sauya fasalin mahaɗar, yawanci kuma aka koma ɗauri da manyan kusoshi. Wata matsalar ita ce zaizaya: ruwan da ke zagaya turke yana kwashe yashin gindinsa ya bar rami, sai turken ya fara rawa fiye da yadda aka lissafa. Don haka ake jibge duwatsu a kewayensa.

Idan ruwa ya yi zurfi sosai, turke ba ya aiki. A Hywind Scotland, wadda aka buɗe a 2017 kusa da garin Peterhead, injina biyar ne ke shawagi a ruwa mai zurfin kusan mita 100. Kowanne yana kan dogon bututu mai nauyi a gindi don kada ya kife, an ɗaure shi da sarƙoƙi uku zuwa anga. Ita angar bututu ce mai buɗaɗɗen ƙasa. A kifa ta a kan yashi, a zuƙe ruwan cikinta, sai nauyin teku ya danna ta ciki. Dabarar ta yi aiki, amma har yanzu ta fi turke tsada.

Sai maganar wuta. Kowane inji a Hornsea One yana ba da megawat 7, ana kuma jera injina da dama a kan kebul ɗaya mai ƙarfin kusan kilobolt 33, a kai su tasha mai taransifoma da aka gina a kan ruwa. Irin waɗannan tashoshi uku ne, aikinsu ɗaga wutar zuwa kilobolt 220. Dalilin lissafi ne. Idan aka ninka ƙarfin turin wuta sau bakwai, yawan wutar da ke bin waya zai ragu sau bakwai, asarar da ke tafiya a zafi kuwa ta ragu kusan sau arba'in da tara. A tafiyar da ta haura kilomita ɗari, wannan ne bambancin riba da faɗuwa.

Kebul uku ne ke fita zuwa gaɓa, an binne su a ƙasan teku da garma ta musamman ko da feshin ruwa mai ƙarfi, saboda angar jirage da komar masunta. A nan wata matsala ta taso. Wutar da muke amfani da ita a gida kai-komo take yi, sau hamsin a daƙiƙa. Dogon kebul na cikin ruwa yana tara caji a jikinsa, kuma a kowane kai-komo sai an cika shi an juye. Wannan cikawa da juyewa ba ta kunna ko ƙwai ɗaya, amma tana cinye hanyar da wuta mai amfani za ta bi, kuma tana ƙaruwa da tsawon kebul. Sai aka gina wata tasha ta huɗu a tsakiyar hanya, cike da na'urorin da ke soke wannan caji. Masu tashar Dogger Bank, wadda ta fi nisa, wata hanya suka bi: suna mai da wutar mai miƙewa ɓangare guda tun a teku, sai ta iso tudu a sake mai da ita mai kai-komo.

Kebul ɗin Hornsea One suna hawa tudu a Horseshoe Point da ke Lincolnshire, su bi ƙarƙashin gonaki kusan kilomita 40 zuwa North Killingholme, inda ake ɗaga wutar zuwa kilobolt 400 ta shiga babban layin ƙasa.

A ganina kebul ne lagon wannan sana'a baki ɗaya. A 2021 Ørsted ya sanar cewa a tashoshinsa kusan goma, rigar da ke kare kebul a inda yake shiga turke tana gogar duwatsun da aka zuba don hana zaizaya. Maganin wata cuta ya haifar da wata. Ana gane irin wannan lalacewa ta zaren gilashi da ke cikin kebul, wanda ke nuna inda zafi ya sauya, sannan a aika na'ura mai kyamara ta duba. Gyara kuwa sai an samu jirgi na musamman, teku kuma ta lafa.

Shi ma babban layi yana da sharuɗɗansa. Ranar Juma'a 9 ga Agusta 2019 tsawa ta faɗa wa wani layi a Ingila. Ya kamata Hornsea ta jure wannan ɗan girgiza, amma na'urorin da ke sarrafa injinanta suka rikice, ta zubar da megawat 737 nan take, wata tashar gas a Little Barford ma ta fita. Kai-komon wuta ya sauka zuwa 48.8 maimakon 50, aka yanke wa masu amfani da wuta kusan miliyan ɗaya, jiragen ƙasa suka tsaya. An gyara manhajar injinan, masu tashar kuma suka biya fam miliyan 4.5.