Kafin banki ya ba da rance: abin da lissafin ɗan kasuwa ke faɗa

Ɗan kasuwar da ya nemi rance a bankunan da ke kan titin Yakubu Gowon a Kaduna yakan zaci cikar shagonsa ta isa shaida. Ni kuwa a ganina, mai ba da rance tambaya guda ce ke gabansa: ranar biya, daga ina kuɗin za su fito?

Mu ƙaddara wani dilan shinkafa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi yana neman Naira miliyan 10. Yana da kayan miliyan 20 a sito, yana bin abokan ciniki miliyan 8, ga tsabar kuɗi miliyan 2, jimilla miliyan 30. Bashin da zai biya cikin shekara miliyan 15 ne, wato kowace Naira da ake binsa akwai Naira 2 a bayanta. A ido wannan ya yi kyau. Amma buhun da ke sito ba kuɗi ba ne sai an sayar, kuma farashi na iya karyewa da kaka. Idan aka cire kayan, saura miliyan 10, wato kwabo 67 kacal ga kowace Naira. Ko su ma, yawancinsu suna hannun mutane, don haka sai a tambaya: wata nawa basukan suka yi ba a biya ba?

Sai riba. Cinikinsa na shekara miliyan 120 ne, ribarsa kafin kuɗin ruwa da haraji miliyan 6, wato kashi 5 cikin ɗari. Wannan ba aibi ba ne ga mai kayan abinci, domin da yawan juyi yake ci. Ma'aunin da na fi ba nauyi shi ne abin da jari ke haifarwa. Kuɗinsa na kansa miliyan 20 ne, ga tsohon rancen banki na miliyan 5, don haka jarin miliyan 25 yana haifar da kashi 24.

A watan Nuwamba na 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5, bankunan kasuwanci kuwa sukan ɗora nasu a kai. Idan aka ba shi a kan kashi 30, zai ari kuɗi da tsadar da ta fi abin da suke haifar masa.

Sabon rancen zai mai da bashin banki miliyan 15 cikin jarin miliyan 35, ya tashi daga kashi 20 zuwa kusan 43. Kuɗin ruwa zai kai miliyan 4.5 a shekara, kashi uku bisa huɗu na ribar da yake samu yanzu, kafin ya taɓa uwar kuɗi.

Da ni ne mai ba da rancen, zan ce ya fara karɓo miliyan 8 ɗinsa, sannan in ba shi ƙaramin rance na 'yan watanni da zai biya da zarar kayan sun fita. Zan kuma nemi bayanan asusunsa na shekara guda, domin lissafin rana ɗaya ana iya yi masa kwalliya.